Wasiƙar da Ta Tsare Keken Kawu

A shekarun da naira take sabuwa, sunan garinmu bai ma koma Suleja ba, ina da ɗan teburi da tafireta a gindin mangwaro kusa da kotu. Rubuta wa mutane wasiƙa ce sana'ata, kuma ina ji da kaina.

Wata Talata kawuna tela ya zo ido ya yi zuru-zuru. Wani alhaji mai shagon yadi ya aiko masa cewa yana binsa naira tamanin, in bai biya ba sai gaban alƙali. Kawu ya rantse wasu yadudduka ya mayar da su, amma babu shaida, babu rasit. In aka ɗora masa tamanin, keken ɗinkinsa za a sayar, da shi kuwa yake ci da gida. Ya sayar da doyar gonarsa ta Gauraka, ya haɗa hamsin.

Na buga cewa ga tayin naira hamsin, biya ɗaya, don a kashe magana baki ɗaya. Na ƙara cewa tayin sulhu ne kawai, ba amincewa ba ne da adadin da Alhaji ya ambata, kuma sai ya sa hannu cewa ba ya bin komai kafin a miƙa kuɗi.

Da na karanta masa, Kawu ya ɓata rai.

"Kai yaro, wannan ai rashin kunya ce. Rubuta masa ya yafe mini sauran saboda Allah."

"Kawu, wane sauran?"

"Haka ake faɗa mana, ladabi ne."

"In ka nemi yafiyar saura a rubuce, ka amsa akwai saura ke nan. Sai ya ƙi hamsin ɗin, ya kai wa alƙali takardarka."

Haushi ya kama ni, don na san halin Kawu: ko jaki ya taka shi, shi zai fara ba da haƙuri. Na cika saman wasiƙar da gaisuwa har layi shida, ya ɗan huce.

Bayan mako Alhaji ya yarda, da alama shi ma lissafinsa ba ya son ganin alƙali. Ranar biya, a ƙofar shagon na danna wa Kawu goro guda a hannu na ce ya ci. Duk sanda ya buɗe baki sai in ƙara masa wani. Sai da Alhaji ya sa hannu gaban shaidu biyu na bar Kawu ya yi ta godiya.

Ladana kuwa, Kawu ya ɗinka mini riga a kan keken nan. Na saka, hannunta ya tsaya a gwiwar hannu.

"Kawu, ina sauran hannun?"

Bai ko ɗago kai daga keken ba. "Wane sauran?"