Waƙafin da ya kori Baba

Akwai wani guntun kwali a cikin durowata da matata ta sha yunƙurin jefarwa, ina hana ta. Lamba ɗaya ce a jikinsa, da baƙin alƙalamin maka: 1.200.

Lokacin ina injiniya a wata ƙaramar masana'anta a unguwar Aston ta Birmingham, a Ingila, muna yi wa ƙarafan tagogi fenti na gari, wanda ake fesawa a gasa. Na fito daga jami'a a Manchester da digiri na biyu, kaina ya fi ƙarfin hulata. Takardar izinin zamana kuma a hannun kamfanin take, in sun sallame ni, sai Kano.

A ɓangaren ɗaure kaya akwai wani dattijo Bahaushen Kumasi, ɗan agency, wato ma'aikacin haya da ake iya sallama ko yaushe. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce Injiniya. Ya yi shekara takwas a Sifen yana aikin sito kafin ya tsallako. Ina son sa, amma a raina ina yi wa Hausarsa dariya, Allah ya yafe mini.

Wani babban aiki ya shigo, mai launin kore na musamman da wani kamfani a Sifen kaɗai ke haɗa mana. Manaja ya ce in rubuta odar da yarensu, tunda na taɓa cika baki cewa na yi ajin yamma na wata uku. Na rubuta, na kai wa Baba lokacin hutun rana, ba don ya gyara ba, don ya yaba.

Ya sa tabarau. Ya ce kwanan wata a rubuta 14 de marzo de 2006, sunan watan da ƙaramin baƙi, shekarar babu ɗigo. Na gyara. Ya ce farashin kilo ba €8.50 ba ne, 8,50 € ne, waƙafi a tsakiya, alamar kuɗin a baya. Na gyara, ina ɗan tsuke baki. Sai yatsansa ya tsaya a kan nauyin kayan, inda na sa 1,200 kg.

“Injiniya, wannan fa a can kilo ɗaya ne da 'yan kai. Waƙafi na gutsure ne. Dubu ɗigo ake sa mata.”

Ya yagi kwali ya rubuta mini 1.200. Gyara na uku ke nan a gaban Turawa biyu da ke cin sanwici, ni kuwa zuciya ta ɗebe ni.

“Baba, wannan technical figure ne, ba price ba. Kowane injiniya a duniya zai gane.”

Ya ce to, ya mayar da kwalin aljihu. Na tura odar ta na'urar fas haka, rabi tsarin Sifen rabi na Ingila, ba jimillar kuɗi a ƙasa da za ta tona kuskuren.

Bayan sati biyu, maimakon babbar mota, wani ɗan aike ya shigo da kwali ɗaya a hammata. A ciki gwangwani ne, a jikinsa 1,2 kg. Sun ɗauka samfur muke so mu gwada.

Haɗa sabo zai ci sati uku. Mai aikin bai jira ba, ya kai wani wurin. Manaja ya kira ni ofis ya tambayi yadda aka yi, na ce mutanen can ne ba su karanta da kyau ba. Ya zage su, na taya shi da gyaɗa kai. Ranar Juma'a aka sallami 'yan agency shida, Baba na ciki.

Na yi kwanaki ina jiran ya faɗa. Kalma ɗaya ta isa, ga shaida a aljihunsa, ga Turawa biyu da suka ji. Na daina zuwa masallacin da yake zuwa. Ko a gida na kasa cin tuwo, matata ta zaci ulsa ce.

Wata huɗu bayan nan na je Manchester ɗaurin aure. Na sauka daga bas a Wilmslow Road, sai na ji an ce “Injiniya!” Shi ne, da rigar wanke-wanke a ƙofar bayan wani gidan abinci, hannayensa sun yi fari fat da ruwan sabulu. Ya rame. Iyalinsa suna Birmingham, shi yana kwana a falon wani ɗan garinsu.

Na fara kame-kame, ya ɗaga hannu.

“Ni ina da fasfon Sifen, ko'ina zan yi aiki. Kai paper ɗinka a hannunsu yake. In na yi magana, ina za ka kai yaranka?”

Ya buɗe walat ya ciro kwalin, ya lanƙwashe, ya yi laushi kamar tsumma. Ya sa mini a tafin hannu ya rufe yatsuna a kai.

“Riƙe. Na gaji da ɗaukar shi.”

Aka ƙwala masa kira daga kicin, ya juya ya shiga. Ban ma samu na ce ya yafe mini ba.