Kafin Alƙalamin Yaya

Yayata tela ce, kuma tun da nake da ita ban taɓa ganin ta karɓi kuɗin kafin alƙalami da fara'a ba. Wasu teloli in an ba su rabin kuɗin aiki har waƙa suke yi, ita kuwa sai ta riƙe shi kamar an ɗora mata garwashi a tafin hannu.

Na san dalili, domin gida ɗaya muka tashi. Babanmu kafinta ne, Allah ya jiƙansa, mai hannu ne ƙwarai amma ba ya iya riƙe alkawari. Sai ya karɓi kuɗin yin gado ya sayi katakon kujerar wani. In masu kaya suka zo suna buga ƙofa, Yaya ake turawa ta ce ba ya nan, alhali ana jin tarinsa daga cikin ɗaki. Ita ta sha zagin da ya kamata ya sha. Da ta buɗe shagonta sai ta kafa wa kanta doka, kuɗin mutum ba ya daɗewa a wuyanta.

Shagon ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai wanki da guga. Akwai teburin yanka, da tsohon keken ƙafa da ta fara sana'a da shi, da babban keken lantarki wanda ta yi shekaru tana tara kuɗinsa. Wannan keken ba mai taɓa shi sai ita. Da shi ta riƙe 'ya'yanta uku bayan mijinta ya rasu, da shi kuma ta biya mini kuɗin makaranta, shi ya sa har yau da furfura a gemuna Auta take ce mini.

Bara wata makarantar kuɗi ta ba ta ɗinkin yunifom ɗari biyu, kowane dubu biyar, jimla miliyan ɗaya, aka ba ta rabi kafin alƙalami. Ba ta taɓa samun aiki irinsa ba. Ta ɗauki mata biyu su taya ta. Kafin ta gama sayen yadi farashi ya tashi, ga zare da maɓallai da kuɗin wuta. Da ta kai yunifom ɗari da ashirin makaranta, kuɗi ya ƙare ƙarƙaf, ba ko bandir ɗaya na sauran tamanin ɗin. Akantan makarantar ya ce za su biya na abin da ta kawo, amma sai ta rubuto takardar neman biya.

Ni ma'aikacin sito ne a wani kamfanin kayan gini, irin wannan takarda kullum sai na rubuta. Na je shagon da rana na zauna a teburin yanka. Na sa kwanan wata da lamba da sunan makaranta. Kayan da aka yi oda, ɗari biyu. Wanda aka kawo, ɗari da ashirin a kan dubu biyar, dubu ɗari shida. Wanda ya rage, tamanin. A layin kafin alƙalami na rubuta cewa an karɓi dubu ɗari biyar, an cire dubu ɗari uku, wato rabon kayan da aka kawo, sauran dubu ɗari biyun sai an kai ragowar. Cikon da za a biya yanzu, dubu ɗari uku.

Yaya ta karanta tana bin layi da yatsa, sai ta tsaya.

"Auta, nawa suka ba ni?"

"Ɗari biyar."

"To me ya sa ka cire ɗari uku?"

Na yi mata bayani. Kuɗin na aikin ne gaba ɗaya, ana raba shi gwargwadon abin da aka kai, kuma yarjejeniyarsu ba ta hana ba. Ba a ɓoye komai ba, ga shi a rubuce. Ta ce ita dai abin da ta gani shi ne bayan an biya ta, kuɗin mutane dubu ɗari biyu yana nan a wuyanta ba kaya.

"Haka Baba yake yi," in ji ta.

"Yaya, Baba ba ya rubutawa, ba ya kuma kai kaya. In kika cire duka, dubu ɗari za su ba ki. Da me za ki sayi yadi?"

"Ka cire duka. Ba za a zo ƙofata ba."

Raina ya ɓaci, na ce mata taurin kanta ya fi na jaki. Ta ce jakin ne ya biya mini kuɗin jarrabawa. Na sake rubutawa ina huci, ciko dubu ɗari, ta sa hannu.

Na raka ta ranar karɓar kuɗi. Akantan dattijo ne mai sanyin magana. Bayan ya nuna mata shaidar tura kuɗin, sai ya ɗago ya ce, "Baiwar Allah, kin kyauta mana. Sauran masu kawo mana kaya rabawa suke yi." Na yi caraf na ce ko za a iya janye takardar a kawo wata. Ya girgiza kai, ya ce an shigar da ita, mai makaranta ya sa hannu, an biya. Kuɗi na gaba sai kaya sun cika, kuma in aka koma hutu ba su cika ba za a ba wani telan ragowar. Yaya ta yi godiya har da rusunawa. Muka kamo hanyar shago.

Dubu ɗarin ta tafi a hakkin matan nan biyu da kuɗin haya. Daga nan ta shiga yawon neman yadi. Mai yadin da ta yi shekaru tana ciniki da shi ya ce ya daina ba da bashi. Ni albashina bai kai ko'ina ba, na nemi rance a wurin aiki aka ce sai ƙarshen wata. Ta je gidan ƙanin mijinta, ya ba ta kuɗin mota. Na taɓa samun ta zaune gaban teburin yanka tana jujjuya ƙyallayen da suka rage, wai ko za su fitar da riga ɗaya. Tsoro ya kama ni, don ban taɓa ganin ta rasa abin yi ba.

Ranar da na koma na tarar da bandir-bandir na yadi jingine da bango. Inda babban keken yake kuwa sai sawun ƙafafunsa huɗu a siminti. Wani dillali ya saya, ya kuma riga ya sayar wa wani. Ta sallami matan, ta jawo tsohon keken ƙafa tsakiyar shago.

Ita kaɗai ta taka yunifom tamanin ɗin. Ƙafafunta suka kumbura har silifa ba ya shiga, ta riƙa ɗaure gwiwa da ƙyalle. Ana gobe za a koma makaranta ta ninke na ƙarshe, ta ce in ɗauko biro.

Na rubuta. Ragowar kaya tamanin a kan dubu biyar, dubu ɗari huɗu. Oda ta cika. Na san kuɗin ba zai dawo da keken ba, sabo yanzu ya fi ƙarfinsa, ita ma ta sani. Da na zo layin kafin alƙalami na tsaya.

"Me zan sa a nan, Yaya?"

Tana zaune ta miƙe ƙafa a kan kwali, tana kallon sawun nan huɗu.

"Ka sa babu," in ji ta. "Ka rubuta shi da manyan baƙaƙe."