AS ɗin da ba 'yata ta rubuta ba

Ina cikin shagona a unguwar Television, inda na koma sayar da atamfa tun bayan da masaƙarmu ta rufe, sakatariyar cocinmu ta kira ni. Wai kwamitin aure ya dakatar da sanarwar auren 'yata, don fom ya nuna ita AS ce, saurayin ma AS. A cocinmu ba a ɗaura wa irin waɗannan aure, saboda gudun haifar yara masu sikila.

Na ce, "AS a gidan wa? Yarinyar da na kai gwaji da hannuna tana firamare aka ce AA?"

Ko shagon ban rufe da kyau ba. Na kira 'yar tawa na ce ta same ni a ofishin coci yanzu-yanzu, na hau acaba ina ta sababi ni kaɗai. Ga ankon biki har na raba wa matan zumuntar coci.

Su biyun a reshenmu na Mahuta suka cike fom da biro. Faston can ya ɗauki hoton takardun da waya ya turo, ita kuma sakatariya, sabuwa ce a aikin, ta kwafe amsoshin cikin kwamfuta ta miƙa wa kwamiti. Ina shiga ofishin na ce ta nuna min hoton, ba abin da ta buga ba.

Ta buɗe. Hoton baƙi da fari ne, don faston da manhajar nan mai goge launi ya ɗauka, rubutun inji da na biro duk sun zama baƙi. A layin gwajin jini, dab da tambayar da aka buga, ga AS da rubutun hannu.

Na ce, "Ƙara girmansa." Na matso da fuskata. "Wannan ba hannun 'yata ba ne. Rubutunta a tsaye yake kamar sanda, duba sunanta a sama. Wannan kuwa ya kwanta."

Sakatariya ta ce, "Mama, rubutun hannu ne dai. Abin da inji ya buga tambaya ne, abin da hannu ya rubuta amsa."

"To buɗe na yaron."

Ta buɗe. Ga AS ɗin nan a wuri ɗaya, kwanciyarsa ɗaya, har da ɗan gutsurewar da ke wutsiyar S. Can gaba a layin kuma ga wani AS daban, na hannun saurayin. Ta buɗe fom ɗin wata yarinya da ya zo tare da nasu. AS ɗin nan ne dai zaune a wurinsa, ita yarinyar ta rubuta AA a bayansa.

Sakatariya ta dafe kai. "Yesu! Ashe cikin takardar yake."

Ta kira faston Mahuta. Ya ce ai fom ya ƙare musu, shi ne suka ɗauki wani tsoho da aka riga aka cike, suka shafe amsoshin da farin ruwan gyara, suka yi fotokofi. Wannan guda ɗaya ya tsere musu. Da takardar ce a hannu, kowa zai ga shi baƙi ne irin na inji, biro kuwa shuɗi. A hoto babu wannan bambancin.

Ni kam bakina ya buɗe. Na ce haba Fasto, don tsadar takarda za ku raba aure? Na faɗi maganganun da bai kamata a faɗa a ofishin coci ba. Daɗi nake ji, wallahi.

Ana haka 'yata ta shigo, ta tsaya a bakin ƙofa. Sakatariya ta koma kan hoton fom ɗin 'yata tana bin layin da yatsa, ta ce, "Amma Mama, in an cire wancan, ita ba ta rubuta komai ba. Layin fanko ne."

Na ce ai ga ta nan. Na zari biro daga tebur, na jawo takarda na tura mata. "Rubuta musu AA ɗinki, ki sa hannu, mu tafi. Shago na bari."

Ba ta karɓa ba.

"Ke, ba da ke nake ba?"

"Mama, na sake gwaji kafin mu cike. Wuri biyu na je." Ta sunkuyar da kai. "Na firamare ba daidai ba ne. Da na zo layin na kasa rubutawa. Sai na ga an riga an rubuta min, na bar shi."

Na nemi kujera ban samu ba, na zauna a kan kwalin littattafan waƙa, biron yana hannuna. Na dube ta, yarinyar da ta yi makonni tana taya ni ninke anko tana murmushi, tana ɗauke da wannan ita kaɗai.

Sakatariya ta tambaya a hankali, "To me zan sa a layin?"

'Yata ta ce, "Anti, bar shi yadda kika buga."