Batirin motar Baba

Ranar da na ci jarrabawar bak ta kammala sakandare, murna kamar in tashi sama. Na ce motar marigayi Baba zan tayar, in je unguwar Harobanda in gaya wa kakata da bakina. Na murɗa makulli, shiru. Na ɗaga kapo, wato murfin inji, na goge saman batir, nan take na tura wa makanikenmu na Wadata foto.

Ya kira ni. "Ɗiyata, 12V 60Ah ne, rufaffe, ba a ƙara masa ruwa. Karanto mini ƙaramin tambarin nan."

"C9."

"A markar wannan kamfani, C wata na uku ne, 9 kuma 2019, lokacin da aka ƙera shi ke nan. Ya mutu tuni."

Shekarar da Baba ya rasu ke nan. Ashe sabo ya sa, bai more shi ba. Na zauna a kujerarsa ni kaɗai, na kira kaka a waya.