Ranar da Inna ta tsallake ɗanta

Da sunan Allah nake farawa, kuma gafararsa nake nema, don abin da zan rubuta akwai hannuna a ciki.

Mu uku Inna ta raya, duka maza, a gidanmu da ke gefen tabkin Madarumfa. Babanmu ya rasu ina yaye, sai ƙanensa, Baffa, ya zama mai faɗa a ji a gidan. Inna kuwa man gyaɗa take matsa, ta soya ƙuli-ƙuli. Ranar kasuwa kafin azahar kwaryarta ta ƙare. Mata har daga Safo sukan aiko a ajiye musu.

Babban yayanmu masunci ne. Ƙato ne, shi kaɗai yake jan komar da mutum biyu ke ja. Bayan 'yancin kai da 'yan shekaru ya fara ramewa, yana dafe gefen cikinsa na dama. Idonsa ya yi ɗorawa, cikin ya kumbura ya yi tauri kamar tulu. Kafin a yi girbi aka kai shi. Aka ce kwana ne ya ƙare, aka yi sadakar bakwai, aka watse.

Ni a lokacin ina gabas wajen karatu. Da na dawo, na iya rubutun ajami, ni ke rubuta wa mutanen unguwa wasiƙa, ni ke yi musu rubutun sha. Har aka fara ce mini malam.

Sai yayana na biyu, wanda nake bi, ya yi aure. Ya auro wata yarinya daga garin Sarkin Yamma, mai yawan dariya. Wata huɗu da tarewarta shawara ta kama ta. Ido ya yi rawaya, fitsari ya yi ja, ba ta son ko ƙanshin miya. Inna ce ta yi jinyarta, tana dafa mata sassaƙe, tana dama mata kunu. Bayan 'yan makonni ta miƙe garau, ciwon bai sake waiwayarta ba.

A shekarun fari, lokacin da shanun Fulani ke faɗuwa a bakin hanya, yayan nan nawa ya fara dafe gefensa na dama. Ranar da na ga hannunsa a wurin, na san abin da ke tafe. Mutanen gari ma sun sani, sai suka fara tuna baya. Wani ya ce ai wan Inna ma da kumburin ciki ya mutu a Safo. Wata ta ce amarya fa, ba ta taɓa ciwo a gidan ubanta ba, sai da ta shigo ta ci tuwon tsohuwar. Ba wanda ya furta kalmar a gabanmu da farko. Amma ƙuli-ƙulin Inna ya fara dawowa gida a cikin kwaryarsa, mata kuma suna fizge 'ya'yansu in ta zo wucewa bakin rijiya.

Wata safiya Baffa ya kira ni zaure. Akwai dattawa biyu a gefensa.

Ya ce, "Zauna, malam. Kai ne mai karatu, ba sai an yi maka dogon bayani ba. An tafi an duba, wuri biyu. Duka sun ce abin a cikin gida yake."

Na ce, "Baffa, ɗanta ne fa."

Ɗaya dattijon ya ce, "To shi na farkon ɗan wa ne? Mai wannan hali in yunwarsa ta tashi ba ya duba na gida. Ita ma ba da son ranta ba ne, a nono ta sha."

Baffa ya ce, "Ba duka za a yi ba, ba kora ba. Ta tsallake shi sau uku, ta sakar masa kurwa, shi ke nan. In mu muka faɗa mata za ta ƙi. Kai ne autanta."

Na san babu wannan a cikin ko ɗaya daga littattafan da na karanta. Na kuma san in an ce a nono ake sha, to ni ma nonon nan na sha, kuma idon dattawan yana kaina. Tsoron kada a haɗa da ni ya fi ƙarfin karatuna. Na tashi na shiga cikin gida.

Na same ta tana gyaran gyaɗa a faifai. Na durƙusa na faɗa mata, ina kallon ƙasa. Ta tsayar da gyaran gyaɗar.

Sannan ta ce, "Auta, su suka aiko ka, ko kai ka zo?"

Na ce, "Inna, don a samu lafiyarsa ne."

Ta ce, "Ba abin da na tambaye ka ke nan ba." Ta ajiye faifan, ta karkaɗe zanenta. "Tashi mu je. In tsallakawata za ta tashe shi, sai in wuni ina yi."

Aka fito da yayana tsakar gida a kan tabarma, da hantsi, rana ta fara zafi. Mutane sun cika har kan danga. Shi yana ta girgiza kai yana cewa a bar masa uwarsa, amma muryar ba ta fita. Cikinsa ya yi tudu sosai, ita kuma gajeriya ce, sai da ta tattare zane har gwiwa a gaban surukai da yaran unguwa. Ta tsallake sau ɗaya, ta kewayo, ta sake. A na uku ƙafarta ta harɗe da tabarma, ta dafa ƙasa. Ba wanda ya miƙa mata hannu, ni ma ina tsaye.

Kwana tara bayan haka ya cika. Na zaci mutuwarsa za ta wanke ta. Sai aka ce ai an makara ne, ta riga ta cinye. Matarsa ta gama takaba ta koma garinsu ba ta yi wa Inna sallama ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Inna ta ci gaba da aiko mini da tuwo kowace rana. Ni kuma kafin in sa hannu sai in rubuta ayoyin tsari a allo, in wanke, in sha. Ran nan ta shigo da kwano ta same ni ina wanke allon. Ta dubi allon, ta dubi kwanon da ke hannunta.

Ta ce, "Sha, auta. Ka shanye duka, kada ka rage." Ta ajiye tuwon ta fita.

Shekara shida ta ƙara a duniya. Ba ta sake matsa mai ba. Sahun da ya sallace ta bai cika biyu ba.

Sai da gemuna ya yi fari fat na ji sunan abin. Zazzaɓi ya ƙi sakina, ɗana ya kai ni likita, wato asibiti, a Maradi, aka ɗebi jinina. Lokotoron da ta duba ni mace ce, sa'ar 'yata. Ta ce zazzaɓin na sauro ne, amma an ga wata ƙwayar cutar hanta a jinina, wadda ake kira hepatit B, kuma da alama ta daɗe.

Ta ce, "Baba, a cikin 'yan uwanka akwai wanda ya rasu da kumburin ciki?"

Na ce biyu, da kawuna.

Ta ce, "Uwa ɗaya?"

Na ce uwa ɗaya.

Ta ce, "To mai yiwuwa daga wajen mahaifiyarku kuka samu."

Sandata ta faɗi daga hannuna. Na ce, "'Yata, a nono?"

Ta ce a'a, ba a nono ba, ba a tuwo ba, ba a gaisawa ba. Ta ja kujera kusa da ni ta yi mini bayani a hankali. Cutar a jini take da ruwan jiki. Uwa mai ɗauke da ita takan ba jariri wajen haihuwa, ba ta sani ba. Yara ƙanana sukan ba juna ta ƙuraje da gyambo, ko ta askar da aka yi wa wannan tsaga aka juya kan wancan, ko allurar da ba a dafa ba. Miji kuma yakan ba matarsa. Don haka ba za ta rantse ta wace ƙofa ta shigo mana ba.

Na ba ta labarin amaryar da ta yi shawara ta warke. Ta ce haka ake yi: in cutar ta sami babba, jikinsa yakan gane baƙuwa ce, ya yaƙe ta, wani lokaci ido ya yi rawaya, mafi yawa su rabu da ita har abada. Jariri kuwa garkuwar jikinsa ba ta yi ƙwari ba, sai ta bar cutar ta zauna kamar 'yar gida. Shekara ashirin, talatin, mutum yana noma yana su, ba ya jin komai, hantar tana ƙuna tana yin tabo, har wata rana ciwon daji ya tsiro a wurin. Ya fi kama maza, gyaɗa mai funfuna kuma tana ƙara masa ƙarfi. Wasu kuwa, irina da irin Inna, su tsufa da ita.

Na tambaye ta magani. Ta ce ni sai dai a riƙa duba hantata, in ta kama a ba ni ƙwayoyin da ke danne cutar. Amma akwai allurar rigakafi, wadda babu ita a zamanin yayyena. Ana yi wa jariri a ranar da aka haife shi, a ƙara wasu a watannin farko. Allurar tana nuna wa jiki kamannin ɓawon ƙwayar, ba ƙwayar kanta ba, sai jiki ya shirya, in ta zo ya kashe ta kafin ta zauna a hanta. Wanda cutar ba ta zauna masa ba, dajin da take haifarwa ba zai same shi ba. Ta ce a kawo iyalina duka a gwada su.

Aka gwada. Aka samu a jinin 'yata ta biyu, tana da ciki a lokacin. Ranar da ta haihu, ni na tsaya a ƙofar ɗakin haihuwa na ƙi tafiya sallar la'asar sai da na ji kukan yaron daga tsinin allura.

Baffa ya daɗe da rasuwa, dattawan nan ma haka. A cikin waɗanda suka tsaya a tsakar gidanmu ranar nan, mutum ɗaya na san tana da rai, matar yayana. Na hau amalanken jaki na tafi Sarkin Yamma. Na same ta ta tsufa, haƙora sun zube, tana ɓarar wake. Muka gaisa, ta tsokane ni da cewa ƙanen miji ya zo biko bayan shekara arba'in. Na zauna na kwashe bayanin lokotoro na faɗa mata, tun daga jini har allura, ban tsallake komai ba. Ta saurara har ƙarshe, tana gyaɗa kai.

Sannan ta ce, "Allah sarki. Ashe dai daga jikinta ne. To ai abin da aka faɗa ke nan tun farko."

Na ce, "Ba shi ba ne. Ko kusa ba shi ba ne."

Ta ce, "To, malam, ku ne masu karatu." Ta tura mini kwanon fura, ta ci gaba da ɓarar wakenta.