Cajin Lasifikar Ladan

Shekarar da na yi ina tuƙa motar ɗaga kaya a kudancin Riyad, bayan Birnin Masana'antu na Biyu, ita ce shekarar da na fara ƙyamar ganin abu a kunnen mutum. Wani katafaren sito muke ginawa a fili, ba a kai ga ja mana wuta ba. Janareto ne, shi ma na injina ne, ba namu ba. Ɗakunan kwananmu awa biyu ake ba su bayan magariba, wata rana man ya ƙare a hana mu gaba ɗaya. Soket huɗu, mutum sun fi talatin.

Akwai wani dattijo mutumin Maraɗi, muna ce masa Baba. Leburanci ya zo yi, amma bayansa ya riga ya gama aiki. Mudir, wato shugaban wurin, ya lura cewa filin na da girma, mutane kuma sai su riƙa tafiya salla a rarrabe, hutun minti ashirin ya zama awa guda. Sai ya sayi lasifika mai batir da makirfo marar waya, ya ce Baba ya riƙa kiran salla, ya share rumfar da muke salla, ya cika butoci. Da wannan aka ɗauke masa turin baro. Kowa ya san in kiran ya daina amfani, baro na nan yana jiransa, kuma bayansa ba zai ɗauka ba.

Cajin kayan ni na ɗauka a wuyana, ba wanda ya sa ni. Na sayo farantin sola mai naɗewa da fawa banki babba. Da safe in goge ƙurar farantin da tsumma, in shimfiɗa shi a kan rufin rumfa, in zuro waya ƙasa. Fawa bankin a inuwa yake zama, cikin wani kwali, domin ranar Riyad in ta dake shi kumbura zai yi ya lalace. Lasifikar ba na haɗa ta da farantin kai tsaye: da rana tana bakin aiki, kuma inuwa kaɗan in ta gifta sai cajin ya yanke. Farantin ya yini yana cika banki, bayan magariba bankin ya cika lasifika da makirfo. Abin daidai wa daida yake, babu rara.

Sai yayin 'yar bulutut ta kunne ya shigo. Wanda ya fara zuwa da ita direban tankar ruwa ne, ɗan garinmu, wanda ko gaisuwa sai ya sa mata gishiri. Na same shi tsugune gaban kwalin.

"Me kake yi a nan?"

"Haba ɗan'uwa, 'yar wannan? Ai ba ta cin komai. Minti goma, halas, shi ke nan."

Gaskiya ya faɗa, ba ta cin komai. Matsalar ma ke nan. Abin da take ja ya yi ƙanƙanta har bankin ba ya jin an jona masa wani abu, sai ya kashe kansa bayan ɗan lokaci. Ya dawo ya tarar ba ta ɗauka ba. Maimakon ya haƙura, sai ya gano dabara: in ya jona wayarsa a ɗaya ramin, bankin ba zai yi barci ba, 'yar kunnen ta samu. Ya dinga koya wa mutane kamar wanda ya gano rijiyar mai. Kafin mako biyu, duk mai bulutut ya zo da wayarsa "don ta riƙe banki". Wayar kuwa ita ce mai cin.

Na yi magana har bakina ya gaji. Amsar guda ce: kayan masallaci na Allah ne, kowa na da haƙƙi. Mutanen da ba su taɓa goge farantin ba, ba su san nauyin buta ba, su ne suka fi kowa sanin haƙƙi. Wani ma a sahun farko yake salla, yana sallamewa ya miƙa hannu bayan kwali ya zare wayarsa. Wata rana na buɗe kwalin na ga 'yan kunne uku a kwance, duk da dattin kunnen masu su, ɗaya har da gashi a manne. Da tsinke na ture su waje.

Na mayar da bankin cikin wani akwatin katako, na sayo ƙaramin kwado na kulle, na ba Baba makulli tunda ni ina kan mota. Washegari na tarar da shi a buɗe.

"Baba, wa ya buɗe?"

Ya sunkuyar da kai. "Ni ne, ɗana. Direban tanka ya ce matarsa ce ba lafiya, yana son ya ji ta."

"Baba, waƙa yake ji! Tun daga nan ina ganin kansa yana rawa."

"To, in ce masa a'a? Da wane bakin?"

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Sun san ba zai iya hanawa ba, shi ya sa ba sa zuwa sai ba na nan. Su ce masa Baba, su rusuna, su tambayi lafiyar baya, sannan su miƙo waya.

Sau biyu lasifikar ta mutu a mako guda. Mudir ya kira Baba a gabana, ya ɗaga yatsa ɗaya. "Wahid kaman, halas." Saura sau ɗaya ke nan. Na karɓe makullin na sa a aljihu. Kwana huɗu lafiya lau, sai aka tura ni kai kaya wani sito, na kwana biyu a can. Dole na bar masa makullin, na roƙe shi har da haɗa shi da Allah.

Na dawo daf da la'asar. Ina sauka daga mota na ji muryarsa ta taso, ya yi kabbara, ya kai shahada ta farko, sai lasifikar ta yi ɗan ƙara ta ɗauke. Ya jijjiga makirfon. Ya ajiye shi, ya hau kan bulo, ya toshe kunnuwa da yatsu ya ci gaba da bakinsa. Jijiyoyin wuyansa duk sun fito, amma injin kwaɓa siminti na aiki, ko ni da ke kusa da ƙyar nake ji. Na ruga wajen akwatin. Fitila ɗaya ce ke ƙiftawa a bankin, waya biyu a jone.

Mudir bai yi faɗa ba. Ya sa aka ɗauke lasifikar aka kai ofis inda akwai wuta, ya ce daga yau wayarsa za ta riƙa kiran salla ta cikinta. Da yamma mutane suka yi ta cewa Allah sarki Baba, ƙaddara ce. Direban tanka har da girgiza kai. Ya matso kusa da ni ya rage murya.

"To yanzu tunda ba lasifika, solar nan fa? Ai sai a bar mana ita."

Na hau rufi na naɗe farantina.

Da safe ina kan mota na hango Baba da baro cike da yashi, yana tafiya yana tsayawa, hannu ɗaya a ƙugu. Direban ya zo wucewa ta gabansa, abin nan a kunne. Baba ya ajiye baron, ya ɗaga hannu ya ce, "Ina kwana, ɗana?" Bai ji ba, ya wuce.