Wayar da Ta Kori Baba Sannu

Duk wanda ya taɓa aiki a kamfanin rarraba sabulu da man girki na bayan tasha ya san Baba Sannu. 'Yan dako ne suka raɗa masa sunan, don ko kare ne ya biyo motarsa ba ya ƙara gudu. In suka tsokane shi sai ya ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Tun gemunsa na baƙi yake jan farar motar kaya yana zaga kantuna, har gemun ya yi fari fat, kuma ko sabulu ɗaya bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya mata, ya aurar da manyan, saura Auta, wadda ke gyaran waya a wata rumfa a bakin kasuwa. Mutumin nan ba shi da gida na kansa, ba shi da gona. Sunansa kawai ya tara, shi ne kuma aka taɓa.

Sabon manaja ne ya kawo tsarin waya. Kowane direba aka ba shi ɗaya, mai nuna wa ofis inda mota take. Aka cusa kowace a cikin baƙar rigar roba mai kauri kamar tafin takalmi, aka ce wanda ya cire ta zai gamu da fushin ofis. Aka manna mariƙi a jikin gilashin gaba, aka haɗa da caja mai sauri, wai kada wani ya fake da mutuwar batir. Dole taswira ta kasance a buɗe tun fita har dawowa.

To, motar Baba Sannu ita ce tsohuwar cikinsu, abin sanyaya ta ya mutu tun tuni, hanyarsa kuma da rana suke fuskantar juna in an yi azahar. Da zafi ya shigo sai wayar ta fara iya shege. Hasken fuskarta ya dusashe, ga caja a jiki amma caji ya ƙi hawa, sai wani rubutu ya fito da yaren da bai iya karantawa ba, can kuma ta mutu ɗif. In ya taɓa ta, kamar murfin tukunya. Sai ta huce take yarda ta tashi. Ya faɗa wa manaja, manaja ya ce, “Ta kowa lafiya lau, sai taka?”

Wata safiya, ana tsakiyar lodi, manaja ya fito tsakar fili da hannu a aljihu.

“Baba, kullum da rana motarka sai ta ɓace mana. Kashe wayar kake yi ka tafi ɗaukar kayan mutane da man kamfani. Wannan sata ce, kai ɓarawo ne. Ajiye makulli.”

A gaban 'yan dako fa! A gaban direbobin da shi ya koya wa riƙon sitiyari! Kuma daga bakin yaron da bai kai sa'ar babbar 'yarsa ba. Baba Sannu ya ajiye makulli da wayar ya fice, zuciyarsa na tafarfasa.

Kai tsaye rumfar Auta ya nufa. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta wurgar da abin kwance waya a kan tebur.

“Baba, don Allah a ina kuke ajiye ta?”

“Jikin gilashi.”

“Cikin rana? Da rigar nan? Ana caji mai sauri, taswira kuma a kunne? Haba! Ai ko mutum aka yi wa haka sai ya suma. Caji kansa zafi yake haifarwa, mai sauri ya fi. Taswirar ma tana dafa ta daga ciki. Ta baya ya kamata zafin ya fita, sun toshe da roba, rana kuma tana ƙara mata ta gilashi. Ba kai ka kashe ta ba, ita ta kashe kanta don kada batir ya lalace. Da ma ka cire cajar ka sa ta a inuwa.”

“Sun ce kar a cire komai.”

“To su suka kashe ta, ba kai ba.”

Washegari ya sa wankakkiyar riga ya koma da wannan bayani. Manaja ko kujera bai nuna masa ba. Ya ce ba ya karɓar karatu daga rumfar kasuwa.

Makonnin da suka biyo baya, Allah kada ya maimaita. Ya nemi tuƙi wurare biyu, duka aka ce za a kira shi, ba a kira ba, don magana ta riga shi isa. A masallacin unguwa wani ya ce masa, “Haƙuri, Baba, kowa yana kuskure.” Kuskuren me? Ya dawo gida ya kasa cin abinci. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne masu tausaya masan ma sun yarda ya yi.

Sai zafi ya ƙara tsananta, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Saurayin da aka ba motarsa, tasa wayar ta mutu a hanyar nan. Sai ta wani, sai ta wani. Ɗaya ma batirinta ya kumbura har ya ɗaga gilashin fuskarta, direban ya tsorata ya fito da ita ya ajiye a bakin titi. Nan da nan ofis ya ce a cire riguna, a sauke mariƙi zuwa inuwa kusa da giya, a koma ƙaramar caja. Aka aika a kira Baba Sannu.

Manaja ya tura ƙofar ofis ya rufe, ya yi ƙasa da murya.

“Baba, ga makullinka. Gobe ka fito.”

“Na gode. Mu je fili ka faɗa.”

“In faɗi me? Ai magana ta wuce.”

“A wurinka ta wuce.”

Ya ɗauki makullin ya fita. Ya shiga tsohuwar motarsa, ya ɗora tafin hannu a kan oda ya danne. Mutumin da ko akuya ba ya yi wa oda! 'Yan dako suka sauke kwalaye, direbobi suka fito, har mai gadi ya baro ƙofa. Dole manaja ya fito, yana gumi.

“Ga su nan,” in ji Baba Sannu. “Su ne suka ji na farko. Faɗa musu.”

Manaja ya gyara wuyan riga. “To, jama'a, bincike ya nuna wayoyin ne suka samu 'yar matsala.”

“Ba waya ka kira ɓarawo ba. Ni ka kira.”

Manaja ya duba agogonsa, ya ce lodi na jira, ya juya. Kalma ɗaya ce fa ta ban haƙuri, ta gagare shi.

Baba Sannu ya sauko a hankali, kamar yadda yake yin komai. Ya san shekarunsa, ya san babu mai ɗaukar tsohon direba, ya san abin da ke jiransa a gida. Duk da haka ya miƙa wa mai gadi makullin ya ce, “Ba shi. Ka ƙirga kwalayen kafin in fita, kada gobe a ce.”

Yanzu a benci yake wuni a rumfar Auta, yana karɓar wayoyin masu kawo gyara. In ya ji waya da zafi sai ya fizge rigarta yana faɗa, mutane su yi ta dariya. Rannan wata mai kanti da ya daɗe yana kai wa kaya ta zo, ta ƙura masa ido ta ce, “Af, ba kai ne direban da aka kora ba?”

Auta ta miƙe za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu.

“Ni ne,” ya ce. “Wancan labarin ya iso miki. Ɗayan, na cewa ban yi ba, ba wanda ya aiko shi.”